Harafi Ɗaya Ba Shaida Ba Ne

Na gaji da ganin ana yanke wa mutum hukuncin rashin kunya saboda babban yatsansa ya zame a kan gilashi. Na gaji da jin suruki ya ɗauke wa surukinsa gaisuwa, amarya ta kwana tana kuka, abokan kasuwanci sun raba jari, kuma idan aka bi diddigi sai a tarar duk rigimar a kan harafi ɗaya take, harafin da mai saƙon bai ma san ya tura ba. Mutanen da a zaure ba za su yanke wa ɓarawon akuya hukunci ba sai sun ji ta bakinsa, su ne a WhatsApp suke zama alƙali da ɗan sanda da mai shela cikin minti biyu. Wannan wauta ce, kuma wautar tana da masu laifi uku: wayar da ke gyara Hausa alhali ba ta jin Hausa, mai rubutun da ba ya duba abin da ya rubuta, da mai karatun da fushi ya fi masa tambaya sauƙi. Kowannensu zai ji nasa, amma na ƙarshen ne ya fi ƙona mini rai.

Ɗauko wayarka ka buɗe allon rubutu, ka dube shi da kyau. Haruffa goma ne a layin sama, an matse su a faɗin da bai wuce santimita bakwai ba, wato kowane harafi bai cika milimita bakwai ba. Kan babban yatsa ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Saboda haka duk danna ɗaya da ka yi, ka taɓa harafin da kake so da gefen maƙwabcinsa, wayar ce take zaɓar wanda take ganin ka nufa. Yanzu dubi su wa aka haɗa maƙwabtaka. U tana manne da i. S tana manne da d, z kuma tana ƙarƙashinta. B da n da m suna jere kafaɗa da kafaɗa, n tana ƙarƙashin j, m tana ƙarƙashin k. An gaji wannan jeri ne daga tafiretar Turawa ta shekarun 1870, kuma ba wanda ya yi tunanin Bahaushe a lokacin da ake jera shi.

A Turanci, idan yatsa ya zame zuwa harafin gefe, yawanci abin da ke fitowa shirme ne, mai karatu ya gane kuskure ne ya wuce. A Hausa ba haka abin yake ba, domin kalmomin da ke riƙe da jimlarmu gajeru ne, harafi biyu ko uku, kuma maƙwabcin kowacce ma kalma ce mai ma'ana. Ka so rubuta "mun yi kuskure", yatsa ya hau sama kaɗan, sai ga "kun yi kuskure": neman afuwa ya koma ɗora laifi. Ka so rubuta "na yarda", ya zame hagu, sai ga "ba yarda". "Wasa kake" ya koma "wawa kake". Miji ya ɗauki hoton atamfa a kasuwa ya rubuta wa matarsa "wannan naki ne", sai ya isa a matsayin "wannan jaki ne". Duk waɗannan Hausa ce tsaf, ba alamar da za ta nuna wa mai karatu an yi tuntuɓe.

Wanda ya fi kowanne ɓarna shi ne u da i, domin a nan ladabinmu yake zaune. Yaro mai tarbiyya ba ya ce wa surukinsa "ka", sai dai "ku". To tsakanin "ku" da "ki" babu komai sai ɗan siririn layin da ya raba maɓalli biyu. Saurayi ya zauna ya tsara gaisuwa, "Baba, kun tashi lafiya?", abin da ya shiga wayar dattijo kuwa shi ne "Baba, kin tashi lafiya?" An sauke shi daga girmamawa, an kuma mayar da shi mace a bugu ɗaya. Dattijon da ya karanta wannan da asuba ba zai tuna da faɗin maɓalli ba. Abin da zai ce shi ne yaron nan ya raina shi.

Sai kuma mai gyara ya shigo, wanda wayoyi suke kira `Auto-correction`. Aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Yana riƙe da jerin kalmomin harshen da aka saita shi a kai, da kuma yawan yadda ake amfani da kowacce. Idan ka rubuta kalma ka danna maɓallin tazara, sai ya auna abu biyu: wuraren da yatsanka ya sauka, da kalmar da ta fi kama da su a cikin jerinsa. Idan abin da ka rubuta ba ya cikin jerin, kuma akwai sananniyar kalma kusa da shi, sai ya cire taka ya sa tasa ba tare da neman izini ba. A wasu wayoyin ma yakan canja kalmar ƙarshe a daidai lokacin da ka danna tura, yadda ko kana duba ba za ka cimma ta ba. Yawancin wayoyin da ake sayarwa a kasuwanninmu a Turanci suke fitowa daga kwali, kuma a haka suke mutuwa. Ke nan mun ɗauki tafintan da bai ji Hausa ba mun zaunar da shi tsakaninmu da iyayenmu.

Dubi abin da ke biyo baya. "Kun" ba kalma ba ce a jerin Turanci, amma "kin" kalma ce. Saboda haka ko da yatsan saurayin nan bai zame ba, ko da daidai ya danna u, mai gyara yana da dalilin mayar masa da ita i. "Zo" ba ta cikin jerin, "so" kuwa tana cikin kalmomin da Bature ya fi yawan faɗa. Sai wanda bai samu halartar ɗaurin aure ba ya rubuta "ka yi haƙuri ban zo ba", a karanta "ka yi haƙuri ban so ba", ango ya ɗauka auren ne ba ya so. Idan wayar ta mayar da "gobe" zuwa "gone" ko "yau" zuwa "you", wannan da sauƙi, kowa ya ga Turanci ya faɗo cikin Hausa ya san aikin inji ne. Masifar tana inda kalmar Turancin ta yi daidai da wata kalmar Hausa, domin a nan ba ta barin sawu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma ba su tsira ba, sai dai nasu mai gyaran da Faransanci yake yi musu shisshigi, kuma jerin haruffansu ya ɗan bambanta, don haka tuntuɓensu daban ne da namu.

Ga yadda abin yake faruwa a zahiri, a wani gida da na sani. Mahaifinsu na kwance a asibiti, babbar yayarsu ce take jinya, ƙaninsu kuma yana aiki a kudu. Ta tura masa hoton takardar magani da kuɗin da ake nema, hoton bai buɗe masa ba saboda rashin sabis. Da yamma ta rubuta masa, "Ka ga abin da na turo maka a kan jikin Baba?" Shi kuma yana cikin motar haya, hannu ɗaya riƙe da jaka, ya amsa da ɗayan. Abin da ya nufa shi ne "Wallahi Yaya ban samu ba". Abin da ya isa shi ne "Wallahi Yaya ban damu ba". S da d ne, gefe da gefe.

Matar da ta kwana a kan tabarmar asibiti ta karanta ƙaninta yana rantsuwa da Allah cewa bai damu da ciwon ubansu ba. Ban ga laifinta ba da zuciyarta ta buga. Inda na ga laifinta shi ne abin da ta yi bayan nan. Ba ta kira shi ba. Ta ɗauki hoton saƙon ta jefa a guruf ɗin dangi, ta rubuta a ƙasa, "Ku ga ɗan da Baba ya haifa." Kafin ya sauka daga mota, kawu ya yi wa'azi a kan haƙƙin iyaye, goggo ta tuno wani laifin da ya yi shekarun baya, wani ɗan'uwa ya ce dama tun da ya fara samun kuɗi ya canja. Ba wanda ya lura hoton an yanke shi ne a daidai wannan layin. Layin da ke biye, wanda ya turo a cikin minti guda, cewa yake, "Ki sake turowa don Allah, nawa ne kuɗin?" Wanda bai damu ba yana cewa a sake turo masa? Yana tambayar nawa ne? Ya yi bayani, ya tura kuɗin a daren, amma har yau akwai masu cewa ai abin da ke zuciyarsa ne ya kuɓuce masa.

Wannan magana ta "abin da ke zuciya ne ya fito" ita ce ƙaryar da na fi tsana a duk lamarin. Suɓutar baki tana iya tona zuciya, domin harshe da zuciya a jiki ɗaya suke. Amma tsarin maɓallan da aka zana fiye da shekara ɗari da suka wuce, da jerin kalmomin da aka tara a wata ƙasa, me suka sani game da zuciyar ƙaninka? Mai faɗin haka dama yana da ƙullinsa a ajiye, harafin nan dama ce kawai ta samu.

Kada wani ya ce ina kambama ƙaramin abu. A 2008 jaridun Turkiyya sun ba da labarin wani mutum da ya tura wa matarsa saƙo suna cikin saɓani. Harshensu yana da i iri biyu, mai ɗigo da marar ɗigo, kuma kowacce sautinta daban. Wayar ba ta nuna marar ɗigon ba. Shi cewa ya yi duk lokacin da aka ƙure ta sai ta canja magana, amma da ɗigon ya hau, kalmar ta koma batsa mai zubar da mutuncin mace. Ta nuna wa mahaifinta. Mutumin ya je gidan don ya yi bayani, aka tarye shi da wuƙa, rigimar ta ci ran matar, shi kuma daga baya ya kashe kansa a kurkuku. Ɗigo ɗaya ne, tare da mutanen da suka zaɓi wuƙa kafin tambaya.

Mu ma muna da irin wannan ɗigon, kuma da hannunmu muke zubar da shi. Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, don an san sautinsu ya bambanta da b da d da k. Yau mutum da digirinsa zai rubuta "ya bata kudin" ya tura, ya bar mai karatu yana laluben ko an ba ta kuɗin ne ko an ɓata su. Ɗaya cika amana ce, ɗaya cin amana, kuma a kan irin wannan ake kai mutum gaban mai unguwa. Haka "karya" da "ƙarya": tambayar ko an yi kalaci, da zargin maƙaryaci, da zagin da ba a yi wa 'yar mutane, duk sun koma rubutu ɗaya. Dama can rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya bambanta dogon wasali da gajere, mai karatu ne yake cike giɓin da hankalinsa. Idan muka ƙara da zubar da ƙugiya, muka manne "ba ta" ta zama "bata", muka manne "na ƙi" ta yi kama da "naki", to mun bar wa mai karatu rabin aikin, kuma zai yi shi ne da irin zuciyar da ya tashi da ita ran nan.

A nan mai rubutu yake ruɗin kansa. Yana jin muryarsa a cikin kansa lokacin da yake rubutu, da taushinta da dariyarta, sai ya ɗauka ita ma ta bi saƙon ta tafi. Ba ta tafi ba. A 2005 wasu masana halayyar ɗan'adam a Amurka, Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu, sun gwada wannan da saƙonnin imel: aka sa mutane su tura jimloli, wasu da gaske wasu da gatse. Masu turawa sun sakankance za a gane nufinsu, amma masu karɓa da kaɗan suka fi mai canke. Wannan a Turanci ke nan, da cikakken rubutu, ba tare da mai gyara ya tsoma baki ba. Ina ga Hausar da aka yanke wa ƙugiya aka tura daga bayan babur?

Kamfanonin waya ma ba zan wanke su ba. A watan Yunin 2023 kamfanin Apple ya tsaya a babban taronsa ya sanar, cikin raha, cewa ya inganta mai gyaransa yadda zai daina canja wa masu Turanci wani ashar da suke so zuwa kalma mai tsabta. Damuwar da ta kai a yi mata shela ke nan: Bature yana so ya yi zagi ana hana shi. Mu kuwa muna so mu yi gaisuwa ana mayar mana da ita zagi. Harshen da miliyoyin mutane suke ciniki da aure da shari'a da shi daga Kano zuwa Kumasi zuwa Sudan, sai mai waya ya shiga lungun saiti da kansa kafin ya same shi. Masu shagon waya kuma, da suke zama su cika maka sabuwar waya da finafinai da waƙoƙi, minti biyu na saita allon Hausa ne ya gagare su?

Gyaran kuwa ba wuya. Mai amfani da Gboard ya shiga `Settings`, ya zaɓi `Languages`, ya danna `Add keyboard`, ya nemo Hausa. Daga nan idan ya danne b ko d ko k ya riƙe, mai ƙugiyar za ta fito, kuma jerin kalmomin da ake auna rubutunsa da shi zai zama na Hausa. Wanda ya fi so a bar shi da kuskurensa na kansa ya kashe `Auto-correction` gaba ɗaya. A iPhone yana ƙarƙashin `Settings`, `General`, `Keyboard`. Amma a sani, wannan maganin shisshigin inji ne kawai, ba ya hana yatsa zamewa. Allon Hausa ma ba zai cece ka daga "damu" a wurin "samu" ba, domin dukansu kalmomi ne ingantattu, ba abin da zai gani ya ja layi. Wannan sai ido. Saƙon da za ka tura wa mahaifi ko suruki ko maigida, ko wanda ya shafi kuɗi ko rashin lafiya ko rasuwa, karanta shi sau ɗaya kafin ya tafi, ka tsaya musamman a kan ƙananan kalmomin: ku ce ko ki, mun ce ko kun, "ba" ta ƙarshe tana nan ko ta faɗi. In maganar tana da nauyi, yi saƙon murya ko ka kira. In kuma kuskuren ya riga ya fita, tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15. Gyara ya fi gogewa, domin gogewa tana barin tabon da ke cewa an share wani abu, kuma ba abin da ke hura wutar zargi kamar "me ka rubuta ka goge?"

Kai kuma mai karatu, da kai nake tun farko. Idan saƙo ya zo maka da kalmar da ta soke ka, akwai hanyar gane kuskure daga raini, kuma ba ta buƙatar ilimin boko. Ka buɗe allonka ka duba harafin da ya ɓata maganar: idan ka musanya shi da na gefensa ko na samansa jimlar ta koma lafiyayya, to ga amsarka. Ka duba sauran saƙon ko ya tafi tare da kalmar. Wanda ya fara da sallama, ya ce "ranku ya daɗe", ya ce "ina gaishe ku", sannan "kin" ɗaya ta faɗo a tsakiya, ba raina ka ya yi ba. Mai raini ba ya ɓata lokacinsa a kan sallama. Ka karanta layin da ya gabata da wanda ya biyo baya. Sannan ka tambayi kanka ko mutumin nan, a shekarun da ka san shi, ya taɓa yi maka magana haka ido da ido. In har yanzu kana shakka, kalma uku sun isa: "Me kake nufi?"

Wannan gwajin yana yanka ta ɓangare biyu, kuma haka nake so. Akwai marasa kunyar da suka gano "waya ce ta canja" mafaka ce, su zazzaga rashin mutunci layi biyar, in an tsare su su ɗora wa inji. Ƙarya suke yi. Mai gyara kalma ɗaya yake canjawa, zuwa wadda ta yi kama da ita a rubutu. Ba ya tsara jimla, ba ya tuno gorin da aka yi maka bara, ba ya sanin sunan uwarka. Duk wanda ya ce kuskure ne, a ce masa ya faɗi kalmar da ya so rubutawa. In ta zauna daram a jimlar kuma harafi ɗaya ko biyu ne tsakaninsu, a yarda da shi, a rufe maganar, kada a sake tayar da ita ranar wani faɗan. In ya kama inda-inda, to ya nemi gafara kamar kowane mai laifi.

Abin da ba zan taɓa yi wa uzuri ba shi ne ɗaukar hoton saƙo a watsa kafin a tambayi mai shi. Zamewar yatsa kuskure ne, amma yanke hoto a daidai layin da zai ƙona mutum, a zaɓi guruf, a rubuta sharhi a ƙasa, a danna tura, wannan aiki ne da aka yi da niyya daki-daki, kuma babu wani inji da za a ɗora wa. Wanda ya yi haka ya fi mai kuskuren rubutun laifi, kuma shi ya kamata dangi su fara tsarewa. Duk wanda aka turo wa irin wannan hoto, kafin ya ce uffan, ya tambayi mai turowar abu biyu: ina sauran hirar, kuma ka kira shi ka ji ta bakinsa? In amsar babu ce, ya mayar masa da hotonsa.